Buhu nawa gidan burodinka zai gasa kafin ka fara cin riba?

Akwai wani ɗan'uwana da ke da ƙaramin gidan burodi, na riƙe masa littafin shiga da fita na wani lokaci, kuma abin da ya fi damuna a lokacin shi ne kullum akwai ciniki, kullum kuɗi na shigowa, da asuba masu shayi sun yi layi da kwalayensu da babura, amma in wata ya ƙare aka zo biyan albashi sai ka ga ana 'yan kame-kame, wani lokaci har sai an taɓa kuɗin fulawar gobe. Shi kuma in ka tambaye shi sai ya ce ai Alhamdu lillahi kasuwa na tafiya. Kasuwar tana tafiya ɗin da gaske, abin da bai sani ba shi ne buhu nawa ya kamata ya gasa ya sayar a rana kafin gidan ya tashi canjaras, wato ba riba ba faɗuwa. Wannan lambar guda ɗaya ita nake so mu fito da ita a nan, don duk wanda bai san tasa ba to a duhu yake sana'ar.

Farashin da zan yi aiki da su na misali ne, kai ka ɗauki biro ka saka na kasuwarku na yau. Hanyar lissafin ce ba ta canzawa.

Abu na farko, ka daina lissafi da ƙwayar burodi, ka koma lissafi da buhu. A gidan burodi komai buhu yake bi, in ka tambayi mai kwaɓi aikin yau ba zai ce maka burodi ɗari uku ba, cewa zai yi buhu uku muka yi. Suga da bota da yis duk a kan buhu ake auna su, ma'aikatan ma a gidaje da yawa a kan buhu ake sallamarsu. To mu ma mu bi su.

Kuɗin da ke fita daga gidan iri biyu ne. Akwai wanda ke bin buhu, in ka kwaɓa ya fita in ba ka kwaɓa ba yana aljihunka. Akwai kuma wanda yake tsaye, ko ka kunna wuta ko ka rufe ƙofa ka tafi biki sai ka biya shi, kamar haya. Hanyar gane wanne ne wanne mai sauƙi ce, ka tambayi kanka, in na ƙara buhu ɗaya yau wannan kuɗin zai ƙaru? In eh, mai bin buhu ne. In a'a, tsayayye ne.

Mu fara da mai bin buhu. Buhun fulawa mai kilo 50 mu ce naira 62,000 har da kuɗin dako daga Kasuwar Singa zuwa ƙofar gida, kar ka manta da dakon nan don shi ma kuɗi ne. Sugan da buhu ɗaya zai ci 10,000. Bota da man shafa gwangwani 6,000. Yis da gishiri da madara da sauran kayan haɗi 4,000. Leda mai tambari da abin ɗauri 3,500. Ladan masu kwaɓi da yanka da gashi 3,500 a kan buhu. Sai ƙarin itace da dizal ɗin injin kwaɓi da man kai kaya, 3,000. In ka tara za ka samu 92,000. Wato duk buhun da aka farke bakinsa, 92,000 ta fita.

To nawa buhun zai dawo da shi? Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu ba tare da sun sani ba. Fulawa kilo 50 in aka zuba mata ruwa da suga da bota kwaɓin zai kai wajen kilo 85, in ana yanka giram 850 kowane, za a samu burodi 100. Farashin burodin a shago 1,200. Sai mai gida ya buga a waya, 100 sau 1,200 ya ba shi 120,000, ya cire 92,000, ya ce buhu na bar min 28,000. Wallahi ba haka ba ne, kuma ba don lissafin bai fita ba, don dai ba wannan kuɗin ne ke shiga aljihunsa ba.

Ka tsaya a bakin ƙofa da safe ka ƙirga da idonka. A cikin ɗarin nan 80 'yan sari ne ke kwashewa, masu shayi da masu kanti da masu talla, kuma su a 1,050 ake ba su don su ma su samu nasu, wannan 84,000 kenan. Guda 15 ne kawai ake saya a ƙofa a cikakken farashi 1,200, wato 18,000. Sauran 5 ɗin fa? Ɗaya ya ƙone a gefen da wuta ta fi ƙarfi, ɗaya ya lotse wajen juyewa daga gwangwani, yara ma'aikata sun karya da ɗaya, an miƙa wa wani baƙo ɗaya, ɗaya kuma ya yi kwantai mai shayi ya dawo da shi bayan kwana biyu ya fara tauri. Ba wanda ya yi sata, haka sana'ar take. To abin da ya shigo da gaske 102,000 ne. Cire 92,000, saura 10,000.

Wannan 10,000 ɗin ita ce rarar buhu, kuma don Allah kar ka kira ta riba. Ba riba ba ce tukuna, gudummawa ce da kowane buhu ke kawowa don a biya kuɗaɗen tsaye. Sai an gama biyansu kaf sannan abin da ya biyo baya ya zama naka.

Yanzu kuɗaɗen tsaye, a wata za mu lissafa su. Haya ana biyan 1,200,000 a shekara, raba 12, kowane wata 100,000, kuma ko da ka biya ta shekara tun farko sai ka saka ta a kowane wata, in ba haka ba wata goma sha ɗaya za ka riƙa jin kana cin riba, na sha biyun ya zo ya kwashe. Albashin masu karɓar kuɗin wata, mai kula da ciniki da direba da maigadi, 150,000. Wuta da ruwa 40,000. Takardu da sabunta rajistar NAFDAC da kuɗin ƙaramar hukuma da na ƙungiya da na shara, in aka baje su a kan watanni mu ce 20,000. Gyare-gyare, yau bel ɗin inji ya tsinke gobe tayar keke ta fashe, 30,000.

Itace yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa don shi ƙafarsa biyu ce, ɗaya nan ɗaya can. Murhun gashi na bulo sai ya ci itace ya ɗauki zafi kafin a saka ko gwangwani ɗaya, kuma itacen da zai ci kafin ya yi zafin nan kusan ɗaya ne ko buhu ɗaya za ka gasa ko huɗu. Don haka wannan kason tsayayye ne a duk ranar da aka yi aiki, mu ce 5,000 a rana, kwana 26 na aiki, 130,000. Ɗan ƙarin da ake yi tsakanin zubi da zubi shi ne na saka a cikin mai bin buhu. Wanda ya zuba itacen duka a gefen buhu zai ga kamar ranar da aka yi buhu ɗaya an kashe kaɗan, alhali murhun ya ci nasa cif. Mai amfani da gas ko dizal ma haka zai raba.

Saura abu biyu da kusan kowa ke tsallakewa. Na farko tsufan kayan aiki. Injin kwaɓi da gwangwanaye da janareta da keken kai kaya, mu ce an zuba 3,600,000 a kansu kuma za su yi shekara biyar kafin su nemi canji, shekara biyar wata 60 ne, kowane wata suna cinye 60,000 kenan a hankali ba tare da ka ga fitarta ba. Na biyu albashinka kai mai gida. Kai ne ke tashi kafin kiran assalatu, kai ne zuwa kasuwa, kai ne bin bashi, kuma cefanen gidanka daga akwatin cinikin nan yake fita ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. To rubuta shi, 120,000. Ni a ganina gidan da ba zai iya biyan mai shi ladan wahalarsa ba bai kai canjaras ba, ko da littafi ya nuna sifili.

Jimilla 650,000 a wata.

Daga nan lissafin layi ɗaya ne: kuɗin tsaye a raba da rarar buhu. 650,000 a raba da 10,000, buhu 65 a wata. A raba da kwana 26, buhu biyu da rabi a rana. In kana son sa a ƙwaya, burodi 250 ne za a gasa kullum, in kuma a kuɗi kake so, 65 sau 102,000, cinikin 6,630,000 a wata. Ka dubi wannan adadin da kyau, sama da miliyan shida da rabi za su ratsa ta hannunka a wata guda kuma ribar gidan ko sisi babu. Shi ya sa yawan kuɗin da ke shiga akwati ba ya gaya maka komai.

Ka kwatanta da lissafin da mai gida ya yi a ransa. Ya ɗauka buhu na barin 28,000, bai saka albashinsa ba, bai saka tsufan kaya ba, bai saka gyara ba, don haka kuɗin tsayensa 440,000 ne, in ya raba zai samu wajen buhu 16 a wata. Shi yana ganin tun satin farko ya gama biyan komai saura duk riba, alhali gaskiyar magana sai ya ninka wannan sau huɗu. Irin wannan ne ke sa mutum ya ɗebi kuɗi ya sayi fili ko ya ƙara aure da abin da yake zaton riba ce, ashe uwar kuɗi yake ci, sai ranar da injin ya tsaya a rasa na sayen wani.

Gidan namu na misali yana yin buhu 3 a rana, 78 a wata. Buhu 65 na farko na haya ne da albashi da itace, 13 na ƙarshe su ne riba, 130,000. Wato tazarar da ke tsakaninsa da faɗuwa buhu 13 ne cikin 78, kashi ɗaya cikin shida. In aka yi kwana biyar ba a yi aiki ba saboda inji ya lalace, buhu 15 sun tafi, itacen kwana biyar ɗin kawai ka tsira da shi, ribar watan kusan duk ta bi ruwa. In kuma so kake ka fitar da ribar 200,000, sai ka ɗora ta kan kuɗin tsaye, 850,000 a raba da 10,000, buhu 85 kenan a wata.

Yanzu ga inda abin ya fi ban tsoro, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka farashin fulawa na bin dala, duk mai gidan burodi ya ɗanɗana wannan tun daga 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. To mu ce ka je sari aka ce maka buhu ya koma 66,000, ƙarin 4,000 kawai, a kan 62,000 bai kai kashi bakwai cikin ɗari ba, kana iya cewa ai da sauƙi. Amma ba a jikin 62,000 za ka auna shi ba, a jikin rarar 10,000 za ka auna, kuma ya cinye kashi arba'in cikin ɗari nata, ta koma 6,000. Yanzu 650,000 a raba da 6,000, buhu 109 a wata, sama da huɗu a rana. Kai kuma kana kan 78 ɗinka, 78 sau 6,000 ya ba ka 468,000, watan da ya wuce ribar 130,000 wannan watan faɗuwar 182,000, kuma layin masu shayi bai ragu ba, akwatin ciniki bai ragu ba, ba abin da ido zai gani.

Sai mutum ya ce to bari in ƙara yawan aiki in cike gurbin. A nan sai ka tambayi murhunka da ma'aikatanka. In iyakar abin da za su iya a zubin dare buhu 4 ne, to 104 ne a wata, bai kai 109 ba, ko da an samu masu saye duka ba za ka kai canjaras ba. In kuma ka ce za ka buɗe aikin rana, sai an sake hura wuta, sai an ƙara mai kula, watakila da direba na biyu, kuɗin tsayen da muka ce tsayayye ne sai ya yi tsalle ya hau wani mataki, daga 650,000 ya koma kamar 800,000, sai lissafi ya koma sabo. Tsayuwarsa iya wani iyaka ce, kamar matattakala yake hawa. Kuma ƙarin burodin sai an nemo masa sababbin masu saye, yawanci da rangwame ko da bashi, wanda ke ƙara rage rarar.

Ƙarin farashi fa? In ka ɗora naira 50 a kan kowane burodi, 95 ɗin da ake biya za su kawo ƙarin 4,750, rarar ta tashi daga 6,000 zuwa 10,750, canjaras ya dawo buhu 61. Abin da kowa ke tsoro shi ne masu saye su gudu zuwa gidan maƙwabta, kuma tsoron na da tushe, amma ka lissafa shi kafin ya hana ka barci. Ko cinikinka ya sauka daga buhu 78 zuwa 70, kana da 752,500, cire 650,000, ribar 102,500. Za ka iya rasa buhu 17 cikin 78 kafin ka taɓa ƙasa. Wanda ya ƙi ƙara hamsin ɗin don kar ya rasa kwastoma yana riƙe da su duka kuma yana faɗuwar 182,000 kowane wata.

Hanya ta uku da ake yawan bi ita ce rage awo, a koma yanka giram 800 maimakon 850, buhu ya ba da 106 maimakon 100, ƙarin guda 6 wajen 6,000 bayan kuɗin leda. A takarda ta fi ƙarin farashi ma. Amma mai shayi da ke yanka burodin nan kullum da wuƙarsa ya san yanka nawa yake fitarwa a ciki, ranar da ya ga ya ragu zai gane, kuma wanda ya ji an rage masa a ɓoye ya fi wanda aka ce masa an ƙara hamsin jin haushi. In za ka rage, ka faɗa. Maganar zuba sinadarin kumburi da NAFDAC ta haramta don burodi ya cika gwangwani da ɗan kwaɓi kuwa, wannan ba hanyar lissafi ba ce, cutar da mutane ne.

Akwai kuma wata ƙofa da ke cikin gidanka wadda ba ta buƙatar ka roƙi kowa, burodin nan guda 5 da ke salwanta. Mu koma lissafin farko mai rarar 10,000. In asarar ta tashi daga 5 zuwa 10 a buhu, saboda an yi yawan da ya fi kasuwa ko mai gashi ya yi gyangyaɗi, 5,250 ta tafi, rarar ta koma 4,750, canjaras ya haura buhu 137. In kuma ka matsa ta sauko zuwa 2, rarar ta zama 13,150, canjaras ya sauko buhu 50. Bambancin burodi takwas a cikin ɗari ne ya raba 50 da 137. Don haka sikeli a teburin yanka da littafi a bakin ƙofa ba ƙaƙale ba ne. Kullum a rubuta abu uku, nawa suka fito daga murhu, nawa aka fitar, nawa aka dawo da su. In buhun da ya saba ba da 100 ya fara ba da 94, ko hannun mai yanka ya yi nauyi ko buhun bai cika ba ko wani abu na fita ta baya, cikin kwana uku za ka gani.

Sai bashi. Lissafin canjaras yana ɗauka duk burodin da ya fita an biya, amma mun san yadda ake yi, ɗauki na yau ka biya na jiya, wani ya tara na sati. In mai kanti ɗaya ya riƙe maka 100,000 ya ɓace, kar ka ce burodi ɗari ne ya tafi, rarar buhu goma ce ta tafi, aikin sama da kwana uku. Ko da za a biya daga baya, dilan fulawa ba zai karɓi littafin bashinka ba, don haka gida na iya wuce canjaras a takarda ya kuma rasa kuɗin sarin gobe. Abin da nake yi shi ne in ɗauki kuɗin da suka shigo hannu a sati in raba da buhunan da aka gasa a satin, in amsar ta yi ƙasa da 102,000 sati biyu a jere to akwai inda ke yoyo.

In kana yin burodi kala-kala, babba da ƙarami da na naira ɗari biyu, ka fitar wa kowane rararsa a kan buhu daban. Ƙananan suna cin leda da aikin hannu fiye da babba, wani lokaci kuma su ne suka fi kawo kuɗi a kan kilo, ba za ka sani ba sai ka auna. Sannan ka haɗa su gwargwadon yadda kake yinsu, misali in buhu biyu na babba ne mai rarar 10,000 ɗaya kuma na ƙarami mai 13,000, matsakaicin 11,000 ne, da shi za ka raba kuɗin tsaye, ya ba ka wajen buhu 60. Ranar da rabon ya canza, kamar lokacin azumi da masu shayin safe ba sa fitowa ko lokacin hutun makaranta da ƙananan ke rage tafiya, sai ka sake bugawa.

A gidan ɗan'uwan nawa abin da muka koma yi shi ne duk ranar da aka dawo daga sarin fulawa, tun kafin a sauke buhunan daga keke, sai a ɗauko littafi a canza farashin da ya canza a sake raba kuɗin tsaye da sabuwar rara, minti biyar ne, sai a rubuta lambar da alli a jikin bango kusa da sikeli inda mai kwaɓi da mai gashi da direba duk za su gani.